Takalmin Mai Wuni a Tsaye: Abin da Laushi Yake Ɓoyewa

Yawancin waɗanda aikinsu ya sa suke wuni a tsaye, idan sun shiga kasuwa neman takalmi, gwaji ɗaya suke yi: su sa babban yatsa su danna cikin takalmin, in ya lotsa su ce ya yi, in ya ƙi lotsawa su ajiye shi. Ma'aikaciyar jinya da mai jiran kanti da maigadi duk a nan suka haɗu, kuma duk a nan suke yin kuskure, domin laushin da yatsa yake ji a minti ɗaya ba shi da alaƙa sosai da abin da ƙafa za ta ji bayan awa goma a kan siminti ko tayil. Takalmin da ya dace da irin wannan aiki ana gane shi ne ta yadda ya zauna wa ƙafa, da inda yake lanƙwasawa, da yadda ya riƙe diddige, da kuma sauran ran da ya rage a cikin soson da ke ƙarƙashinsa.

Kafin a fahimci dalilin haka sai an san yadda ƙafa take ɗaukar nauyi. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26, kuma an jera su ne kamar baka: diddige a baya, tushen yatsu a gaba, tsakiya kuma a ɗage. Daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu akwai wata jijiya mai faɗi da tauri wadda take aikin tsarkiyar wannan bakan, duk lokacin da nauyin jiki ya sauka a kan ƙafa, bakan yakan so ya baje, ita kuma jijiyar ta ja ta riƙe shi. Mai tafiya yana ba ta hutu tsakanin taku da taku, amma mai tsayuwa wuri ɗaya yana barinta a ɗaure na tsawon lokaci. Idan hakan ya ci gaba wata da watanni, wurin da jijiyar ta manne da ƙashin diddige ne yake fara gajiya, kuma alamarsa sananniya ce: mutum ya tashi da asuba zai tafi alwala, takunsa na farko ya ji kamar ya taka ƙusa a diddige, bayan 'yan mintoci zafin ya lafa, sai kuma ya dawo da yamma ko bayan an ɗan zauna an miƙe. Mutane da yawa sukan ɗauka sanyi ne ya kama su, alhali kuwa nauyi ne da daɗewar tsayuwa da takalmin da ba ya taimakon ƙafa.

Akwai abu na biyu da tsayuwa take yi, shi ne tara jini a ƙasa. Jinin da ya sauka ƙafa ba ya komawa zuciya da sauƙi sai naman sha-raɓa ya matse hanyoyinsa, kuma wannan naman ba ya matsawa sai ana motsa idon sawu. Shi ya sa maigadin da ya kafe a bakin ƙofa yakan tashi aiki da ƙafa mai nauyi fiye da wanda ya wuni yana zagaya gida, kuma shi ya sa takalmin da ya yi wa mutum daidai da ƙarfe bakwai na safe yake matse shi da la'asar.

Mu ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin kwanciyar marasa lafiya a Kano, wadda aikin darenta yake kai awa goma sha ɗaya a kan tayil. Tana sa takalmi sau-ciki marar igiya, mai shafaffen ƙasa, lamba 38, irin wanda ana iya naɗe shi kamar tabarma a sa a jaka. Ta zaɓe shi ne saboda ba nauyi, kuma yana da sauƙin cirewa lokacin salla. Bayan wata huɗu ta fara jin zafin diddigen da aka ambata, ga kanta ta fito mata a gefen ƙaramin yatsa, ga farcen babban yatsa ya fara baƙi. Kowace alama a cikin ukun nan tana nuna wani aibi daban a takalmin. Baƙin farce yana nufin tsawon bai isa ba, yatsa yana dukan gaban takalmi a kowane taku. Kantar gefe tana nufin faɗin bai isa ba. Zafin diddige kuwa yana da nasaba da rashin abin da zai tallafi tsakiyar ƙafa da rashin kaurin da zai raba ta da taurin tayil.

Abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta auna ƙafarta, ba ta dogara da lambar da ta saba tun tana budurwa ba, domin ƙafa tana ƙara faɗi da tsawo da shekaru da ƙarin ƙiba, kuma mata da yawa ƙafarsu takan ƙaru bayan ciki da haihuwa ba ta koma yadda take ba. Awon ba shi da wuya. Bayan ta tashi aiki, lokacin da ƙafar ta kai iyakar kumburinta, sai ta sa safar da take aiki da ita, ta tsaya a kan farar takarda diddigenta yana jingine da bango, wani ya ja layi a daidai ƙarshen yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban yatsa ba. A auna ƙafa biyun duka, a yi aiki da wadda ta fi girma, tun da ba kasafai suke zuwa daidai ba. A ce awon ya nuna santimita 24.5. Sai a ƙara santimita ɗaya da rabi na sararin da yatsu suke bukata, ya zama 26. Lambobin da muka saba da su a kasuwanninmu, irin su 38 da 42, tsarin Turai ne, inda kowace lamba ɗaya take daidai da kashi biyu cikin uku na santimita, saboda haka ana ninka tsawon da ɗaya da rabi. Ashirin da shida sau ɗaya da rabi ya ba da 39. Ke nan wata huɗun nan duk ta yi su ne a cikin takalmin da ya gaza mata da lamba ɗaya, kuma bambancin bai kai santimita guda ba, amma ya isa ya kashe farce.

Lambar dai jagora ce kawai, domin 39 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 39 na wancan ba, kuma lamba ba ta cewa komai game da faɗi. Wannan batu na faɗi ya fi shafar mutanenmu, saboda wanda ya taso yana yawo da silifas ko fade ko ƙafa ba takalmi yakan kasance da yatsu a baje, alhali takalma sau-ciki da yawa an ɗinka su ne da tsukakken baki. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a zaro shimfiɗar cikin takalmin, in tana zaruwa, a ajiye ta a ƙasa a taka. Idan gefen ƙafa ko ƙaramin yatsa ya zarce shimfiɗar, takalmin ya yi kaɗan ko da mai sayarwa ya rantse zai buɗe. Fata ta gaske tana ɗan saki a faɗi bayan kwanaki, amma ba ta ƙara tsawo, roba da fatar kanti kuwa ba sa sakin da za a dogara da shi.

Bayan girma sai gini, kuma ana gwada shi da hannu a gaban mai kaya. Da farko a riƙe takalmin ta gaba da ta baya a tura kamar za a ninke shi. Wurin da ya kamata ya lanƙwasa shi ne daidai gindin yatsu, inda ita ma ƙafar take lanƙwasawa. Idan ya karye a tsakiya, to zai bar wa jijiyar tafin ƙafa duk aikin riƙe bakan, idan kuma ya ƙi lanƙwasawa ko kaɗan kamar katako, zai gajiyar da sha-raɓa ya kuma riƙa zamewa daga diddige. Daga nan a murɗa shi kamar ana matse wanki: ya ɗan ba da kai kaɗan sannan ya tirje. Sai kuma a matsa bayansa, wato bangon da yake kewaye diddige, da yatsa biyu. Bango mai kyau yana da tauri, ba ya kwanciya, domin shi ne yake hana diddige karkata ciki ko waje sa'ad da ƙafa ta gaji.

A kan wannan bango ne al'adarmu take yi wa takalmi illa ba tare da mun lura ba. Musulmin da yake aikin awa goma zai cire takalmi sau biyu ko uku don alwala da salla, kuma da yawa daga cikinmu, don gudun kwance igiya, mukan take bayan takalmin mu mai da shi silifas daga wurin alwala zuwa masallaci. Sau kaɗan za a yi haka bangon ya karye, kuma in ya karye ba ya komawa, ko an kai wa mai gyaran takalmi. A ganina gara mutum ya ajiye silifas na daban a wurin aiki don alwala, ya bar takalmin aiki da igiyarsa ko maɗaurinsa. Igiya tana da wani amfanin da takalmi marar maɗauri ba shi da shi: ana iya sassauta ta da yamma sa'ad da ƙafa ta kumbura, kuma tana riƙe ƙafa ta sama, yatsu ba sa bukatar ƙanƙame takalmi don kada ya fice. Duk wanda ya taɓa wuni da silifas yana sauri ya san irin gajiyar da wannan ƙanƙamewar take jawowa.

Game da tudun diddige, shafaffen takalmi ƙwarai ba shi ne mafi alheri ba ga wanda diddigensa ya riga ya fara ciwo. Idan baya ya ɗara gaba tsawo da kamar santimita ɗaya zuwa biyu, agara da jijiyar tafin ƙafa sukan sami sassauci. Idan kuwa tudun ya wuce santimita uku ko huɗu, nauyi yakan koma kan tushen yatsu, sai zafin ya tashi daga baya ya dawo gaba.

Yanzu sai batun laushin kansa. Tsakanin shimfiɗar ciki da ƙasan da yake taɓa ƙasa akwai soso mai ƙananan ƙofofin iska, kuma shi ne yake shanye dukan da siminti zai yi wa ƙafa. Idan soson ya cika laushi, nauyin babban mutum zai matse shi har ƙasa tun a awannin farko, daga nan ƙafa ta koma kamar a kan simintin take, ga kuma rashin daidaito, domin ƙafa a kan abu mai lotsawa ta ko'ina tana ta gyara tsayuwa, ƙananan naman da ke cikinta suna aiki ba hutu. Wanda ya taɓa tsayuwa a kan katifa yana gyara labule ya san yadda abin yake. Soson da ake nema shi ne wanda in an danna shi da ƙarfi zai ɗan shiga, in an saki ya dawo nan take. Mai jiki da nauyi yana bukatar wanda ya fi tauri da kauri fiye da wanda siririn mutum zai ji daɗinsa.

Wannan soso yana da iyakar rayuwa, kuma yakan mutu tun saman takalmin yana ƙyalli. Masu harkar takalman gudu sun daɗe suna ba da shawarar a sauya takalmi bayan kilomita 500 zuwa 800. Tafiya ba ta duka takalmi kamar gudu, amma ma'aunin yana da amfani don kimantawa. Idan ma'aikaciyar jinyarmu tana taka kilomita biyar a kowane aiki, tana kuma aiki kwana 22 a wata, ta yi kilomita 110 ke nan a wata, cikin wata biyar zuwa bakwai ta shiga wannan iyaka, ba a ma lissafa awannin tsayuwa da suke danne soson ba. Ba sai an riƙe lissafi ba, alamun suna bayyana a ido. A ɗora takalmin a kan tebur a dube shi ta baya: in ya karkata gefe guda, soson ya cinye ta ɓangare ɗaya. A duba gefen soson: in ya yi tamoji masu zurfi kamar fatar tsoho, ya daina dawowa. Alama mafi gaskiya ita ce ciwon gwiwa ko baya ko diddige da ya dawo ba tare da aikin ya canza ba.

Wannan ne ya sa sayen takalmin gwanjo yake bukatar ido. A kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano ana samun kambas masu inganci da kuɗin da bai kai na sabo ba, kuma sau da yawa gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu, amma ana wanke su a goge har su yi kamar ba a taɓa sawa ba, alhali soson ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko. A sa hannu ciki a shafa: in an ji ramin diddige da ramukan yatsu, takalmin ya gama aikinsa. Akwai kuma wata matsala ta daban da ta fi shafar but-but da takalman fata masu ƙasan foliyuritan, wato wani nau'in roba. Irin wannan ƙasa, idan ta daɗe a ajiye cikin zafi da danshi, tana ruɓewa daga ciki ko ba a taɓa taka ta ba, sai mutum ya sa kwana biyu ya ga tana marmashewa kamar busasshen burodi. Kafin a biya kuɗi a lanƙwasa ƙasan sosai a kuma kankare ta da farce; in ta tsage, ko ta yi gari, ko ta yi danƙo a hannu, a bar ta.

Ga ma'aikatan asibiti akwai ƙarin sharaɗi biyu. Na farko saman takalmin ya zama a rufe kuma mai goguwa, saboda allura tana faɗuwa, jini da fitsari suna zuba. Takalmin robar nan mai huji-huji da ya yaɗu a asibitoci yana da faɗi da sauƙin wankewa, shi ya sa ake sonsa, amma hujojin suna barin ruwa da tsini su kai ga fata, kuma in ba a sa maɗaurin bayansa ba bai bambanta da silifas ba. Wanda ya fi son irinsa ya nemi marar huji a sama. Na biyu shi ne kama ƙasa. Tayil da aka goge da ruwan sabulu yana da santsi ƙwarai, kuma ƙasan da take kama shi ita ce ta roba mai ɗan laushi da ƙananan zane masu yawa da suke ba ruwa hanyar fita, ba ƙasa mai tauri kamar filastik ba. Wani gwaji da aka yi a Ingila da ma'aikatan lafiya fiye da 4,500, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2021, ya nuna waɗanda aka ba takalma masu kama ƙasa sun rage zamewa da kusan kashi 37 cikin 100. Zanen nan ma yana cinyewa, kuma idan wurin diddige ya shafe ya yi sumul, takalmin ya zama haɗari ko da sauransa lafiya lau.

Maigadi lamarinsa ya ɗan bambanta, domin sau da yawa ba shi yake zaɓa ba, but ake ba shi tare da kayan aiki. But mai ƙarfe a baki an yi shi ne don wurin da kaya masu nauyi suke faɗowa, kamar ma'aikata da wurin gini, kuma wanda aikinsa buɗe ƙofa da zagaye ne nauyi kawai yake ɗauka a banza, ga zafi a watan Afrilu lokacin da Kano da Sakkwato suke kai digiri 40. In dole ne a sa shi, abin da ya rage shi ne a karɓi wanda bakinsa bai taɓa yatsu ba, tun da ƙarfe ba ya saki, a sa masa shimfiɗa mai ɗan tauri a ciki bayan an cire ta asali, sannan kada a fara da cikakken wuni: awa biyu ko uku a kwanakin farko sun isa, har fatar takalmin ta saba da ƙafa. Mai jiran kanti kuwa, wanda yake tsaye a bayan kanta a wuri ɗaya, zai amfana da shimfiɗar roba mai kauri a inda yake tsayawa da ɗan bulo ko katako da zai riƙa ɗora ƙafa ɗaya a kai yana sauyawa, kusan kamar yadda zai amfana da sabon takalmi.

Zufa ma tana cikin lissafi. Ƙafar da ta wuni a rufe, musamman in an mai da ita cikin safa da danshin alwala, ita ce take yin wari da ƙaiƙayi da cin ruwa tsakanin yatsu, kuma jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin yin bororo. Tsane tsakanin yatsu kafin a sa safa da sauya safa a tsakiyar aiki suna magance mafi yawan wannan. Wanda yake da hali ya mallaki takalmi biyu ya riƙa sa su kwana ɗai-ɗai, domin kowanne ya samu ya bushe. A shanya a inuwa mai iska, saboda rana tana sakin gam, tana kuma sa takalmin roba mai kumfa ya tsuke.

Idan muka koma ga ma'aikaciyar jinyarmu, abin da ya dace da ita shi ne sau-ciki lamba 39 mai faɗin baki, mai igiya ko maɗauri, mai taurin bango, wanda bayansa ya ɗan ɗara gabansa. Kantar gefe za ta fara laushi cikin makonni, farcen kuwa sai ya tsiro sabo, abin da yake iya ɗaukar shekara guda. Zafin diddige shi ne mai jinkiri, yakan ɗauki watanni, kuma takalmi kaɗai ba ya isa: kafin ta sauko daga gado ta riƙe yatsun ƙafar ta ja su sama zuwa ƙwauri na daƙiƙa goma, ta maimaita sau goma, ta kuma daina yawo ƙafa ba takalmi a kan simintin gida. Akwai alamun da ba na takalmi ba ne, waɗanda suke bukatar likita ba kasuwa ba: ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi a sha-raɓa, ko ƙafa ta riƙa mutuwa ba a jin taɓi, ko rauni ya ƙi warkewa. Mai ciwon suga musamman, tun da jin zafinsa yana iya raguwa, ya riƙa zura hannu cikin takalmi kafin ya sa, ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare bayan ya cire.